Gaskiyar da ba ta tona asiri

A Nijar da ƙasashen da ke aiki da Faransanci, ma'aikaci kan samu takardar kira zuwa horo na dole, kuma a ƙarshe a duba takardar sa hannu don sanin wanda ya zo. Mu ɗauki misalin wata ungozoma a wani asibitin karkara da aka kira horon kwana 3 a Maraɗi. Ba ta je ba, saboda a daren da za ta tafi cikinta na wata biyu ya zube, cikin da ko uwar mijinta ba ta san da shi ba. Ranar Litinin shugabanta zai tambaye ta dalili. Me za ta ce?

Hanya mafi sauƙi ita ce ta ce an yi mata rasuwa a ƙauye. Amma wannan ƙarya tana da tsada. Abokan aiki za su zo gaisuwa, wani ya tambayi sunan mamacin, wata ta tambayi ranar sadakar bakwai. Dole ta yi ta ƙara wata ƙaryar a kan ta farko, kuma ta karɓi addu'ar mutane a kan mutuwar da ba a yi ba.

A ganina, kuskuren yana cikin zaton cewa zaɓi biyu kawai gare ta: ƙarya ko tonon asiri. Ƙin faɗin abu daban yake da faɗin abin da ba shi ne ba. Shugaba yana da haƙƙin sanin abu uku: cewa ba ta halarta ba, cewa ba ganganci ba ne, da kuma yadda za ta rama abin da ya wuce ta. Sunan ciwon kuwa nata ne. Likita ma yana iya rubuta takardar hutu da adadin kwanaki ba tare da ya ambaci cutar ba.

Don haka tana iya cewa: "Ranka ya daɗe, lalura ce ta rashin lafiya ta hana ni zuwa, ba na son in yi bayaninta. Ga takardar likita. Ina roƙon a saka ni cikin rukuni na gaba." Babu kalma ɗaya ta ƙarya a nan.

Sai dai wannan hanya tana da iyaka. Kalmar "lalura" ba mayafi ba ce ga wanda barci ya ɗauke ko ya tafi biki. Ma'aunin shi ne: da shugaba zai ji cikakken labarin daga baya, zai ce an yaudare shi, ko zai ce an dai sakaya masa? Idan na farko ne, ƙarya aka yi, ko da kowace kalma daidai ce.

Kuma gaskiyar tana da nata farashin. Wataƙila shugaban ya yi zargi, wataƙila kuɗin halarta su wuce ta. Amma ranar da ta sake cewa "ina da uzuri", maganarta za ta ci gaba da nauyi.