Motar da aka share daga hoton gida

A Madawa, Buza da Keita, sau da yawa mai sayen gida ba ya kusa. Yana Abijan, ko Legas, ko Libiya wajen neman kuɗi, kuma abin da yake isa gare shi shi ne hoton da dillali ya aika masa ta waya. Hausawa sun ce gani ya kori ji. To, yaya ke nan idan ganin ma an yi masa kwaskwarima?

A ce ga wani gida na sayarwa a Madawa, kusa da babbar hanyar da ta tashi daga Yamai zuwa Damagaram. Ranar da aka ɗauki hoto, akwai babbar motar ɗaukar albasa a ƙofar gidan, ga kuma rabin duro cike da shara a jingine da katanga. Yaron dillali ya sa yatsa a waya ya share su duka. Hujjarsa ba ta banza ba ce: gida ake sayarwa, ba mota ba, ba shara ba. Da ya roƙi direba ya matsa, ya kuma janye duron da hannu, ba wanda zai kira shi maha'inci. Mai sayar da rago ma yakan wanke shi kafin ranar kasuwa.

Amma janyewa da hannu daban, sharewa a hoto daban. Wanda ya janye duro ya buɗe abin da yake bayansa. Wanda ya share shi a hoto kuwa bai buɗe komai ba, domin na'urar ba ta taɓa ganin wannan gefen katangar ba. Ta cike gurbin ne da kamannin yaɓen da yake kusa. A ƙasar da ake gini da laka, gindin katanga shi ne shaidar lafiyar gida. Nan ake ganin zaizayar da ruwan indararo ya yi, da layin damshin da ƙorama ta bari a daminar bara, abin da mutanen kwarin Tarka da na Magiya suka sani sarai. Sau da yawa ma daidai wurin da ya lalace ake jingine duro. Idan hoto ya nuna sumul a nan, an ba da shaida ne a kan abin da ba a gani ba.

Malaman mazhabar Malikiyya sun halatta sayar da abin da ba ya wurin ciniki, bisa siffantawa. Idan kaya ya zo daidai da siffar, ciniki ya tabbata, idan ya saɓa, mai saye yana da zaɓi. Hoton yau shi ne wannan siffa. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta hana algus da ɓoye aibin kaya. Dokar farar hula ta Faransa ta 1804, wadda Nijar ta gada, ita ma a ayarta ta 1116 ta ba da damar rushe yarjejeniya idan ya tabbata cewa ba don dabarun yaudara ba da ɗaya ɓangaren bai amince ba.

Sai batun motar, wanda ya fi wuya. Idan ta baƙo ce da ya tsaya sallar azahar, share ta ba ya rage wa mai saye wani sani, muddin ba ta tare katanga ba. Idan kuwa wurin matsaya ce, inda motoci suke kwana duk lokacin fitar albasa, to motar ta zama halin unguwa: ƙara da asuba, baƙin mai a ƙasa, ƙofar da amalanke ba ta iya shiga. Haka bambancin duron da ake kwashewa da jujin da unguwa ta saba zubar da shara a kansa shekara da shekaru. Dillali ya san wanne ne wanne. Ɗan cin rani ne bai sani ba, kuma jahilcinsa ne ake ƙara wa kuɗin gida.

Hoton da aka taɓa yakan tona kansa. Inuwar mota takan rage a ƙasa babu motar, sawun taya yakan yanke a tsakiyar fili, tabo ɗaya na yaɓe yakan fito sau biyu ko uku a jere. Mai saye da ya ga haka yana da hanya mai sauƙi: ya nemi hoton asali, ya kuma tura ɗan'uwa ya ɗauki bidiyo daga wannan kusurwa ta katanga zuwa waccan, ranar kasuwa, ko washegarin ruwan sama.