Kafin ka tashi daga kujerar kafe

'Ya'yana, ku ajiye wayoyin nan ku ba ni hankalinku na ɗan lokaci. Kun iya buga takarda, kun iya cika fom a intanet, wasunku har sun fara karɓar aikin mutane a kafe. Abin da ke damuna shi ne yadda kuke tashi daga kan kwamfutar da ba taku ba, ku bar takardunku zube a cikinta. Wanda ya je kasuwa ya yi hoton takardunsa ba ya tafiya ya bar su a kan benci, amma a kafe kullum haka ake yi, domin abin da aka bari ba a ganinsa da ido.

Mu ɗauki yarinyar da ta ci JAMB, ta zo kafe za ta cika fom ɗin tantancewar jami'a. Ta zo da sakamakon WAEC, da takardar haihuwa, da takardar shaidar ƙaramar hukuma, da hoton fasfo. Aka ɗora su ɗaya bayan ɗaya a kan sikana. Kowace takarda da aka ɗauka ta sami wurin zama a kwamfutar, galibi cikin Pictures ko Documents, ya danganta da manhajar da sikanar ke aiki da ita. Shafin jami'a ya ƙi karɓar hoton saboda ya yi nauyi, sai mai kafe ya rage shi ya ajiye sabon a Desktop, ya sa masa sunanta don kada ya ɓace. Hoto ya zama biyu ke nan. Takardar NIN kuwa tana cikin wayarta, don haka aka buɗe WhatsApp Web, ta haska lambar da ke kan allo da wayarta, aka sauko da takardar, ta faɗa Downloads. Da ta biya kuɗin fom, rasit ɗin ma can ya sauka kafin a buga mata shi. Ta karɓi takardunta, ta danna alamar X ta rufe burauza, ta biya mai kafe, ta yi gaba tana murna.

To me ta bari? Duk wanda ya zauna a kujerar nan bayanta, in ya buɗe wurare uku kacal, zai sami cikakken sunanta, da ranar haihuwarta, da garinsu, da hotonta, da lambar NIN ɗinta, da lambar wayarta. Kada ku raina wannan. Ɗan damfara da ya kira mutum ya ce daga banki yake, abin da ke sa a yarda da shi shi ne ya fara karanto maka abin da kake zaton banki ne kaɗai ya sani. In ya faɗi sunanka uku da ranar haihuwarka daidai, sannan ya ce ka karanto masa lambar sirrin da aka turo maka yanzu, mutane da yawa za su karanto. Kuma kalmar sirri in ta fita ana canza ta cikin minti biyu, amma ranar haihuwa ba ta canzuwa, lambar NIN kuma ita ce taka har ƙarshen rayuwa.

Mafi muni shi ne WhatsApp ɗin. Rufe burauza ba fita ba ce. Wanda ya sake buɗe shafin zai tarar da hirarrakinta a buɗe, sabbin saƙonni na shigowa, kuma zai iya rubuta wa yayanta ko kawunta da sunanta ya ce a turo kuɗi cikin gaggawa. Wa zai yi shakka, alhali daga lambarta saƙon ya fito? Haka Gmail yake in ba a danna Sign out ba. In kuma burauza ta tambaya ko a adana kalmar sirri aka amsa mata da Save, to an miƙa mabuɗin akwatin gaba ɗaya.

Saboda haka ku ware minti biyar na ƙarshen lokacin da kuka saya domin shara, kada ku jira sai mai kafe ya ce lokaci ya ƙare. Ku fara da fita daga duk inda kuka shiga: Log out a WhatsApp Web, Sign out a imel da shafin makaranta. Sannan ku buɗe Downloads, ku jera fayilolin da Date modified, na yau za su taru a sama, ku zaɓi naku. Ku yi haka a Desktop da Documents da Pictures, ku kuma rubuta sunanku a akwatin bincike na File Explorer ko akwai wanda ya ɓuya. Wajen gogewa ku lura: Delete kaɗai Recycle Bin yake kai fayil, kowa na iya maido da shi da dannawa biyu. Ku riƙe Shift ku danna Delete, ko ku buɗe Recycle Bin ɗin ku tabbatar ba komai naku a ciki. Daga nan Ctrl+Shift+Delete a burauza zai buɗe muku inda ake share tarihi da abin da ta adana.

Na san wani zai ce shi da Incognito yake shiga, Ctrl+Shift+N, don haka ba ruwansa. Yana da kyau, ku riƙa amfani da shi, domin in kun rufe tagoginsa duka ba ya riƙe tarihi, ba ya barin asusunku a buɗe. Amma fayil ɗin da kuka sauko da shi yana nan daram a Downloads, bai taɓa shi ba.

Gaskiyar da ba zan ɓoye muku ba ita ce, ko Shift da Delete ba ya kashe fayil nan take. Kwamfuta sunansa take cirewa daga lissafi, ta ce wurin ya zama fili, amma abin yana iya zama a faifan har sai an rubuta wani a kansa. Manhaja irin su Recuva, da ake samu kyauta, tana iya tono shi. Kuma babu sharar da za ta kare ku in an dasa wa kwamfutar abin da ke naɗar duk harafin da aka danna. Shi ya sa nake ce muku abin da bai zama dole ba kada ya hau kwamfutar kafe tun farko. Harkar banki ku yi ta a wayarku. Hotunan iyali da na biki, musamman ku 'yan mata, kada ku juye su a can don neman wuri a waya. Takardar da aka nema ita kaɗai za ku tura, ba jakar gaba ɗaya ba.

In kun riga kun isa gida kafin ku tuna, ba a makara ba. A WhatsApp na wayarku ku shiga Linked devices, za ku ga kwamfutar kafen a jere, ku fitar da ita. A asusun Google ku nemi Your devices ƙarƙashin Security, ku yi mata Sign out, ku canza kalmar sirri. Fayilolin kuwa waya ba ta iya goge su daga nesa, sai kun taka da ƙafarku kun koma, kuma gara a ranar.

Ku da za ku zauna a bayan tebur kuna yi wa mutane aiki, nauyin ya fi yawa a kanku. Dattijon da ya kawo takardun fanshonsa bai san Downloads ba, ku ya ba amana. Najeriya ta yi dokar kare bayanan mutane a 2023, kuma mai karɓar takardun jama'a yana sarrafa su bai fita daga cikinta ba. Ku buɗe wa kowane abokin ciniki jaka guda, duk abin da aka ɗauka ko aka sauko da shi ku mayar da shi ciki, in an gama ku tura masa kwafinsa, ku goge jakar a gabansa yana kallo. In ya ce ku ajiye masa don zai dawo gobe, ku ce ya riƙe a wayarsa ko a filashinsa ya zo da shi.