Atuni da Zawon Jardiya: Ciwo Biyu, Mashiga Ɗaya

 

Idan damina ta sauka a ƙasar Sarkin Hausa, tabkunan Tasawa da Mayahi suka cika, ciwon ciki yakan yawaita. Daga cikinsa akwai iri biyu da ake haɗawa da sunan zawo, alhali sun bambanta: atunin amiba da zawon jardiya.

Amiba da jardiya, ƙwayoyin da ke kawo su, kowace tana da kama biyu. Ta farko ita ce kist, mai ɓawo, wadda ke fita cikin bayan gida ta daɗe a ruwa da danshi. Ita ake haɗiya a ruwan sha, ko a ɗanyen ganye, ko daga hannun da bai ga sabulu ba. A hanji sai ta ƙyanƙyashe ta zama tirofozoyit, mai ci da motsi, wadda ke haddasa ciwon.

A ce uwa ta kawo yara biyu asibiti. Na farko yana tsugunni a kai a kai, da murɗa da yunƙuri, abin da ke fita kaɗan ne, majina da jini. Amiba ke nan: babban hanji take kamawa ta yi masa gyambo, wani lokaci ta bi jini ta tara ruɓa a hanta. Na biyu cikinsa a kumbure, yana gyatsa mai wari, kashinsa mai maiƙo ne babu jini, yana ta ramewa. Jardiya ke nan: farkon ƙaramin hanji take mannewa, ta hana jiki tsotse abinci.

Amma alama ba ta yanke hukunci, domin atunin bakteriya ma yana zuwa da jini, galibi da zazzaɓi mai zafi. Sai an duba kashi a madubin likita, kuma a miƙa shi cikin minti 30, kafin motsin ƙwayar ya tsaya. A ruwan gishiri, amiba tana rarrafe, kuma ganin jajayen ƙwayoyin jini a cikinta shi ne babbar shaida. Jardiya kuwa tana juyi kamar ganye mai faɗowa. A ruwan aidin ake tantance kist: na amiba zagayayye, na jardiya mai siffar ƙwai. Tunda kist ba kullum yake fita ba, a kai kashi sau 3 a ranaku dabam-dabam. Kist ɗin amiba kaɗai bai isa hujja ba, don akwai wata amiba marar cutarwa mai kama iri ɗaya.

Metronidazol yana maganin duka biyun, sai dai mai amiba yana buƙatar magani na biyu, irin su paromomisin, don share ragowar da ke hanji. Tafasa ruwa kuwa yana kashe kist ɗin kowanne. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.