Ɗana, Megar Dare Ba ta Rana Ba Ce

Ɗana, zauna mu yi magana a kan forfen da kake saya. Na ji ka jiya wurin mai cajin salula a nan Hamdara kana rantsuwa cewa an cinye maka mega, alhali saƙon kamfani ya nuna da sauran mai yawa. Babu wanda ya taɓa maka ita. Rumbu biyu aka ba ka, kai kuma ka ɗauka guda ne.

Duk kamfanin da kake riƙe da layinsa, Airtel ne, Moov Africa, Zamani ko Niger Telecoms, idan ka ga forfe mai rabon dare, to lissafinsa biyu ne. Akwai babban rumbu, wanda ake ɗiba kowane lokaci har wa'adinsa ya cika. Akwai na dare, wanda ƙofarsa ba ta buɗuwa sai cikin wasu sa'o'i, galibi daga tsakar dare zuwa wajen asuba. Ainihin sa'o'in suna cikin saƙon da aka turo maka lokacin saye, kuma kowane kamfani da nasa. Arharsa ba alheri ba ne aka yi maka: a lokacin jama'a na barci, eriya na tsaye tana shan wuta babu mai amfani da ita, gara a sayar da wannan sarari da rahusa da a bar shi a banza.

To wanne ake fara ci? Da rana babu zaɓi, babban rumbu kaɗai ake taɓawa, ko da na dare na cike maƙil. Idan ƙofar dare ta buɗe, abin da aka saba shi ne a fara da na dare, sai ya ƙare a gangaro kan babban. Shi ma idan ya ƙare, a wasu tsare-tsaren sai a faɗa kan kuɗin kiranka, kuma a nan farashin mega ya fi zafi. Wannan jeri kamfani ne ke tsara shi a na'urarsa, ba salularka ba.

Bari mu ƙaddara ka sayi na mako: mega 500 na kullum, giga 1 na dare, ƙofa na buɗuwa ƙarfe 12. Kana son sauke bidiyon darasi mai mega 700. Haƙuri ya gaza, ka danna ƙarfe 11 da rabi. Rezo ya yi kyau saboda gari ya yi tsit, kafin 12 ta buga mega 400 sun sauka, dukkansu daga babban rumbu. Ragowar 300 ne kawai suka fito daga na dare. Gari ya waye kana da mega 100 da za su kai ka kwana shida, ga sama da 700 a rumbun da ba ya buɗuwa da rana. Rabin awa ce ta jawo maka wannan.

Wani abin ma ya fi wannan ɓoyuwa. Na'urar kamfani ba ƙwaya-ƙwaya take ƙirga maka ba. Takan yanko wani kaso ta ba salularka, idan ya ƙare ta sake yankowa. Kason da aka yanko kafin 12 yana iya ci gaba da fita daga babban rumbu ko bayan lokaci ya shiga. Saboda haka ka bari 12 ta wuce da minti biyar, ka kashe data ka sake kunnawa, sannan ka fara. Agogon kamfani ake bi, ba na hannunka ba. Haka kuma a ƙarshen lokacin: idan barci ya sace ka saukewa na tafiya, da ƙofar dare ta rufe za ta ci gaba a kan babban rumbu ba sallama. 

Kada ka tsaya a kan maganata, gwada naka layin. Bayan tsakar dare ka duba ragowarka, ka rubuta lambobin biyu a takarda. Sauke abu ƙarami, kamar mega 20, ka jira mintoci kaɗan domin lissafin kan yi jinkiri, ka sake dubawa. Wanda ya ragu shi ake fara ci. Idan babban ne ya ragu alhali na dare na nan, kira masu kula da abokan ciniki da lambobin nan a hannunka, in ba su warware ba akwai hukumar ARCEP da ke sa ido a kan kamfanonin. Kuma kafin ka sake saye, raba jimillar da ke kan tallar gida biyu, ka auna kuɗinka da rabon rana kaɗai, tunda shi za ka ci.