Wasiƙar ban haƙuri idan kaya sun makara

Mai biki ba ya ƙirga kwana daga ranar da kaya suka iso, yana ƙirgawa ne daga ranar ɗaurin aure ya dawo baya. Ɗan kasuwar da bai gane wannan ba zai rubuta ban haƙuri mai daɗin karatu, amma ba zai magance wa kowa damuwa ba.

Mu ɗauki wani mai sayar da atamfa a Daura. Wani Alhaji ɗan garin da ke aiki a Abuja ya biya shi kuɗin turmi 30 na anko, za a aurar da 'yarsa a gida. An yi alkawarin Litinin. Da yaron shago ya je Kantin Kwari a Kano sai ya tarar turmi 18 kaɗai suka rage na wannan zanen, sauran 12 suna hanya daga Legas. A nan ne yawancinmu muke yin shiru, muna fatan kayan su iso kafin mai su ya tambaya. Shirun ya fi jinkirin ɓarna, domin kowace rana da ta wuce an rage wa tela ita ne. Ranar da labarin ya zo maka, ranar ake tura wa mai kayan imel, tun kafin Litinin ɗin ta yi. A kan saƙon a rubuta abin da ke ciki ƙarara: "Jinkirin atamfa turmi 30 da sabuwar ranar kawowa". Ga yadda cikinsa zai kasance:

"Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, Alhaji, atamfar da na yi alkawarin kawowa ranar Litinin, 10 ga wata, ba za ta cika ba. Laifina ne, na karɓi kuɗi ban tabbatar da yawan kayan a Kwari ba. Ina neman afuwa. Turmi 18 suna hannu, za su hau mota daga Kano ranar Talata da safe, ni da kaina zan kai wa Hajiya gida kafin la'asar. Sauran 12 zan kawo su ranar Asabar, 15 ga wata, in Allah ya yarda. Kuɗin mota na biyu a kaina yake. Ranar Alhamis da azahar zan rubuto maka halin da ake ciki. Idan har lokacin ba su shigo Kano ba, zaɓi naka ne: in mayar da kuɗin turmi 12 a ranar, ko in kawo wani zane mai kama da shi, ga hotunansa na haɗo."

A lura, ban haƙurin layi biyu ne kacal, sauran duk shiri ne. Dalilin ma jimla ɗaya, kuma bai jingina laifin ga dila ko direba ba. Alhaji bai san su ba, ba su ya ba kuɗinsa ba.

Asabar ɗin nan ita ce ta fi buƙatar tunani. Dila ya ce kayan za su shigo Laraba. Wanda ke son faranta rai sai ya rubuta Alhamis. Amma babbar mota daga Legas takan kwana a hanya, sauke kaya yakan ci yini, ranar Juma'a kuma kasuwa rabin yini ce, sannan ga tafiyar Kano zuwa Daura ta Kazaure. Sai a ɗora kwana uku a kan maganar dila. Idan kaya sun riga ranar zuwa, babu mai fushi. Alkawari na biyu kuwa in ya karye, na uku ba wanda zai karanta shi. Raba kayan gida biyu ma da dalili: da turmi 18 tela zai fara ɗinkin iyaye da ƙawayen amarya. In abin ya faɗo daidai hidimar Sallar Gani, lokacin da telolin Daura ba sa ɗaga kai, wannan kwana huɗun ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai jinkirin da ba a sa masa rana. Lokacin da aka rufe iyakar Najeriya da Nijar a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin Yamai, motoci sun tsaya cik a Kwangwalam, kuma sai Maris na 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. Duk wanda ya rubuta wa abokin cinikinsa na Damagaram "mako mai zuwa" a lokacin, abin da ba ya hannunsa ya yi alkawari a kai. A irin wannan hali ranar da za ka bayar ita ce ta bayani na gaba, da ranar da za ka mayar da kuɗi idan hanya ba ta buɗe ba.

Bayan tura saƙon sai a kira Alhaji a waya, domin babba ba a ba shi haƙuri da rubutu kaɗai. Imel ɗin kuwa shi zai tura wa Hajiya, ita ta nuna wa tela, kowa ya san ranar da zai jira.