KOME: SHIN IN KOMA, KO IN HAƘURA?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan uwa, aure yakan mutu, idda ta ƙare, a yi watanni ba a ga juna ba, sai zuciya ta fara waiwaye. Shi yana tuna girkinta da yadda gidan ya yi tsit, ita tana kallon yara suna tambayar babansu. Sai 'yan uwa su shigo, wani ya ce tsohuwar zuma da ita ake magani, wani ya ce hali zanen dutse ne, kada a sake a koma. Kowanne da gaskiyarsa, amma karin magana ba ya yanke hukunci a kan rayuwar mutum biyu da 'ya'yansu. Shari'a ta ba mu ma'auni, mu duba shi.

Kafin a kai ga ko ya dace a koma, sai an san ko ƙofar a buɗe take. Idan saki ɗaya ne ko na biyu, kuma tana cikin idda, matarsa ce har yanzu. Yana iya mayar da ita ba sabon sadaki, ba sabon ɗaurin aure. A mazhabar Malikiyya ana yin haka da magana ko da aiki, tare da niyyar kome, kuma an so a kafa shaidu biyu. Idan idda ta ƙare, ko kuma khul'i aka yi, to ta mallaki kanta. Zai shiga layin manema kamar kowa: sai da yardarta, da waliyyi, da sadaki, da shaidu. Idan kuwa saki uku ya cika, ƙofa ta rufe har sai ta yi wani aure na gaskiya, an tare, sannan ya mutu don kansa. Auren kisan wuta ba ya buɗe ta. Annabi (SAW) ya la'anci mai yin sa da wanda aka yi dominsa, kuma a wajen malamanmu na Malikiyya ɓataccen aure ne, ba ya halatta ta ga mijin farko.

Akwai wani lissafi da mutane da yawa ke mantawa. Sabon ɗaurin aure ba ya goge sakin da ya gabata. Wanda ya yi saki ɗaya, ya sake aurenta, igiya biyu ta rage masa. Wanda ya yi biyu, ɗaya ta rage. A wajen Imamu Malik da Shafi'i, ko ta auri wani a tsakani, lissafin yana nan. Ke nan kome dama ce ƙidayayya, duk wanda ya kashe ta a kan gaggawa ba zai same ta a kasuwa ba.

To ƙofa a buɗe take. Sai a shiga?

Ku lura da yadda Alƙur'ani ya yi maganar kome a Suratul Baƙara. A aya ta 228, da aka ba miji haƙƙin mayar da matarsa cikin idda, an haɗa shi da nufin gyara. A aya ta 230, da aka yi maganar komawa bayan ta yi wani aure ya mutu, an haɗa shi da cewa su biyun suna kyautata zaton za su tsayar da iyakokin Allah. A aya ta 231 kuma aka hana riƙe mace don a cutar da ita. Duk inda aka buɗe ƙofar, an ajiye sharaɗi a bakinta, kuma sharaɗin bai tsaya a kan so ko kewa ba. Ya tsaya a kan amsar tambaya ɗaya: abin da ya kashe auren nan, yana nan ko ya kau?

Kewa kam dole ce. Mutum ya shekara bakwai da mutum, ai ko tsohon gida ka bari sai ka yi kewarsa. Amma kewa shaida ce ta sabo kawai, sabo kuwa an ce turken wawa. Ba ta gaya maka komai a kan ko gobe za ta bambanta da jiya.

Mu ɗauki misali, irin wanda kowannenmu ya san makamancinsa. Magidanci ne mai shago a kasuwa, shekararsu bakwai da aure, yara uku. Suna zaune gida ɗaya da mahaifiyarsa da ƙannensa mata, tukunya ɗaya. Kullum rigima a kan girki da cefane, shi kuma idan ya dawo da dare, wanda ya riga kai ƙara shi ne mai gaskiya. Wata rana gardama ta yi zafi, ya mare ta, ya rubuta mata saki ɗaya. A daren ta kwashe kayanta ta tafi gidansu. Idda ta ƙare ba wanda ya nemi wani. Bayan wata takwas sai ga shi ya aiko kawunsa yana son kome.

Kuskuren farko ya riga ya faru tun daren sakin. Farkon Suratuɗ Ɗalaƙ ya hana a fitar da matar da aka saka daga ɗakinta, ya kuma hana ta fita, domin wataƙila Allah Ya kawo wani al'amari bayan haka. Mu kuwa al'adarmu takarda a hannu, akwati a ka. Da haka muke zubar da lokacin da aka tanada don zukata su huce. Amma wannan ya wuce, yanzu me za a duba?

Na farko, a tambayi kowannensu, a keɓe, me ya kashe auren. Idan miji ya ce sharrin Shaiɗan ne, ko an shiga tsakaninsu ne, ko ƙaddara ce, bai ambaci ko abu ɗaya da shi ya aikata ba, to bai shirya ba. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ita ta ɗaga hannu ta yi mari ba. Wanda ya shirya zai ce: na bar matata da mahaifiyata suna ta gogayya ban raba musu tukunya ba, ina yanke hukunci ban ji ta bakinta ba, kuma na doke ta. Ita ma haka. Idan ta iya cewa harshena ya yi kaifi a kan surukata, kuma ina kai sirrin ɗakina gidanmu, to akwai abin ginawa a kai.

Na biyu, a raba matsalolin gida biyu. Akwai ta yanayi, akwai ta hali. Zaman gida ɗaya da tukunya ɗaya matsalar yanayi ce, ana gane gyaranta da ido. Ya kama haya ko ɗaki biyu ne? Ko ya ja katanga ya fitar mata da ƙofarta da madafinta? Ya yanke abin da zai riƙa bayarwa na cefane gwargwadon samunsa? Wurin zama haƙƙinta ne a shari'a, neman sa ba rashin kunya ba ne, kuma ba ya hana shi yi wa mahaifiyarsa biyayya. Idan ya ce ta dawo tukuna, in sha Allahu zai nema, a ce masa ya nema tukuna, in sha Allahu za ta dawo.

Marin kuwa matsalar hali ce, ita ce mai wuyar ganewa, don hali ba a ganin sa a ranar biko. Ranar nan kowa salihi ne. Inda ake ganin sa shi ne wata takwas ɗin nan da ba ta hannunsa. Ya ci gaba da aiko da abincin yara da kuɗin makarantarsu ba tare da an kai shi gaban alƙali ba? Ko ya riƙe don ta ji a jikinta? Me yake faɗa a kanta a majalisa? Da ta ƙi ɗaukar wayarsa, haƙuri ya yi ko zagi ya turo? Mutumin da ya kiyaye haƙƙin mace a lokacin da ba ya samun komai a wajenta, ana iya kyautata masa zato. Sannan a bincika: marin nan sau ɗaya ne cikin shekara bakwai, ko shi ne wanda aka sani kawai? Idan duka ne da ya zama jiki, ko shaye-shaye, ko barin salla, to kuka da rantsuwa ba su isa hujja ba, sai an ga canji ya daɗe. 'Yar uwa, kada ki mayar da kanki inda kike tsoron lafiyarki don wai a ce kin yi haƙuri.

Na uku, maganar yara. "Ki koma ko don 'ya'yanki" magana ce mai nauyi, kuma sau da yawa gaskiya ce. Sai dai yara suna amfana ne da gidan da aka gyara. Idan za a mayar da su su ci gaba da kallon ana zagin uwarsu, bayan shekara a sake watsewa, an yi musu rauni biyu maimakon ɗaya.

Iyaye da waliyyai, ku ma akwai naku. Bukhari ya kawo labarin Ma'aƙil ɗan Yasar (RA). Wani ya saki 'yar uwarsa, ya bari har idda ta ƙare, sannan ya dawo neman ta, ita ma tana so. Ma'aƙil ya yi fushi ya rantse ba za ta koma ba, sai aya ta 232 ta Baƙara ta sauka tana hana waliyyai tare hanya. Ya sauko, ya aurar masa da ita. Don haka fushinka na uba ko na yaya ba dalili ba ne na hana kome, idan su biyun sun daidaita bisa alheri.

Bukharin dai ya kawo labarin Barira da Mugis. Da aka 'yanta ta, ta zaɓi rabuwa da shi, yana bin ta a titunan Madina yana hawaye. Annabi (SAW) da kansa ya nuna mata da ta koma. Ta tambaya ko umarni ne, ya nuna mata ceto ne kawai yake yi, ta ce ba ta bukata, kuma ba a zarge ta ba. Idan ceton Manzon Allah bai zama tilas a kanta ba, to na kawu da na liman ba zai zama ba. Ba a hana mai son komawa, ba a kuma tilasta wadda ba ta so.

A misalinmu, idan an tarar ya kama gida, bai taɓa yanke ciyar da yara ba, ya amsa laifinsa da bakinsa a gaban waliyyinta, kuma ita da kanta tana so, to a ɗaura, Allah Ya sa albarka. A zaunar da dattijo ɗaya daga danginsa, ɗaya daga nata, irin tsarin da aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta koyar, a faɗi abin da aka yi yarjejeniya a kai a gabansu, a san wanda za a kira idan an saɓa. A kuma rubuta cewa saki ɗaya ya wuce, biyu suka rage. Idan kuwa an tarar ba abin da ya canja sai kaɗaici da ya dame shi, to a dakata. Jinkirin wata uku ko shida ba ya kashe niyya ta gaskiya.

A yi istihara, amma bayan bincike da shawara, kuma ba sharaɗi ba ne sai an yi mafarki. Wanda ya duba ya ga komawa ba alheri, ya sani rabuwa da kyautatawa ita ma umarnin Allah ce, kuma a aya ta 130 ta Nisa'i Allah Ya yi alkawarin wadata kowannensu daga yalwarSa.

Allah Ya gyara mana gidajenmu, Ya zaɓa mana abin da ya fi alheri. Wallahu a'alam.