Tsakanin Gyara da Yaudara: Tsokaci a kan Hoton Neman Aiki

Tun kafin kwamfuta ta shigo ɗakunan ɗaukar hoto, mun san masu hoto da ke rataye kwat guda a jikin ƙusa domin ara wa duk wanda ya zo ɗaukar hoton neman aiki, ga kuma madubi da mataji a gefe. Ba mu taɓa jin an kira wannan ƙarya ba. A yau kuwa, ana iya sauya wa mutum riga a kuma kwantar masa da gashi bayan an riga an ɗauki hoton. Tambayar da muke son dubawa ita ce: a ina gyara yake ƙarewa, yaudara ta fara?

Al'amarin ba sabo ba ne. A shekarar 1860, mai hoton nan na Amurka, Mathew Brady, ya ɗauki Abraham Lincoln a birnin New York, ya ɗaga masa kwalar riga don rage tsawon wuyansa. Duk wanda ya ga hoton ya san Lincoln ne. Daga baya kuma wani ya ɗauki kan Lincoln ya ɗora a kan gangar jikin John Calhoun. Na farko ado ne, na biyu kuwa ƙirƙira ce, domin Lincoln bai taɓa yin wannan tsayuwa ba.

Daga nan muke ganin ma'aunin da ya dace: duk abin da mutum zai iya yi wa kansa a gaban madubi da safiyar ranar ganawa, ba laifi a yi masa shi a hoto. Abin da ba zai iya ba kuwa, sai a bar shi yadda Allah Ya halicce shi.

Bari mu ɗauki misalin saurayin da ya kammala bautar ƙasa, yana neman aiki a banki. Hoton da yake da shi an ɗauke shi cikin rigar ƙwallo, sumarsa ta yi buya-buya, yana da bille a kumatu, sanƙo kuma ya fara leƙowa. Mai gyara zai cire rigar ya sa masa farar taguwa da kwat. A nan sai ya kula da abu uku: faɗin kafaɗar kwat ɗin ya yi daidai da na saurayin, hasken da ke kan rigar ya fito daga ɓangaren da ya haska fuskar, sannan a mayar da inuwar da haɓa ke jefawa a kan wuya. Idan aka manta da inuwar nan, sai kan ya zama kamar an yanko shi an manna. Sa'an nan ya share silin gashin da suka miƙe, ya daidaita gefen sumar kamar yadda mai aski zai yi. Iyakarsa ke nan.

Idan ya sauko da layin gashi ya rufe sanƙon, ya faɗaɗa abin da aka ba shi izini, domin goshi ɓangare ne na siffar fuska. Haka kuma idan ya goge billen, ko ya ƙara wa fata haske, ko ya rage faɗin hanci. Ƙurjin da zai baje cikin mako guda ana iya kawar da shi. Bille kuwa shaidar asali ce. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a ajiye tsohon hoto da sabo kusa da juna, a rufe rigar da hannu. Muddin fuskokin biyu suka bambanta, to an shiga gonar ƙarya, kuma kama da wane ba ta wane.

Sai dai kada mu ɗauka cewa kowace riga halal ce. Tufafi ma suna magana. Kwat yana nuna cewa mai shi ya girmama wurin da yake nema, amma farar rigar likita, ko hular gashin lauya, ko kakin soja, da'awar matsayi ce. Wanda ya sanya su a hoto alhali bai kai ba, ya yi ƙarya ko da ba a taɓa fuskarsa ba. Hoton fasfo kuma hukuncinsa daban ne, tunda shaida ce da jami'i da na'ura za su gwada da fuskar mai shi; gyaransa a jikin mutum ake yi kafin ɗauka, ba a kan hoton ba.

A ƙarshe, hoton neman aiki alkawari ne cewa wannan mutumin ne zai buɗe ƙofa ya shigo. Ranar da saurayin nan ya zauna gaban masu ganawa, idan suka dubi takarda suka sake dubansa cikin shakka, ya rasa amincinsu tun bai buɗe baki ba. Hausawa sun riga sun faɗa mana cewa ramin ƙarya ƙurarre ne. Riga ana arowa, fuska kuwa dole kowa ya zo da tasa.